Sikeli Ɗaya, Ciki Biyu

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana rabon abinci a makarantar kwana ta 'yan mata, kuma a duk shekarun nan ba a samu yarinya ɗaya da ta ce an zuba wa wata fiye da ita ba. 'Yar shugabar makaranta ludayi ɗaya, 'yar mai gadi ludayi ɗaya. Ɗaliban ne suka sa mata Raba-Daidai, sunan ya bi ta har ya cinye na yanka. Ranar da ta yi ritaya aka ba ta agogon bango da takardar yabo, ita kuwa ta zare ludayin ta sa a jaka, ta ce wannan ne ladanta.

Gidanta hawa ɗaya ne. Ita tana ɗakin tsakiya kusa da kicin. Babban ɗanta, wanda kowa ke kira Babba, yana ƙasa da matarsa, kuma shagon gaban gidan nasa ne, abincin kaji yake sayarwa. Auta yana sama da tasa matar. Tukunya ɗaya ake ɗorawa, kuma ba sai an faɗi wanda ke riƙe da ludayi ba.

Matar Babba tela ce, mace mai jiki da fara'a, wadda kujerar keken ɗinkinta ta sha gyara wurin kafinta. Matar Auta malamar firamare ce, siririya, mai kunya, idan ta sa agogo sai an ƙara huji a madaurin. Tela da Malama ake kiransu. Abin da Inna Raba-Daidai ta fi tsoro a duniya, fiye da gobara, shi ne a ce ta fifita suruka ɗaya a kan ɗaya. Idan ta sayi sabulu biyu sai ta jera su ta duba ko wani ya fi wani tsawo.

Sai Allah ya kawo ciki gidan, har biyu, tsakaninsu mako biyu kacal, na Tela ne gaba. Jikokin fari. Inna ta yi ta murna har ta rasa inda za ta sa kanta, ta kuma ɗauki alkawari tsakaninta da zuciyarta cewa jikokin nan biyu lafiya lau za su sauka, kuma ba wanda zai ce an ci da haƙƙin ɗaya.

Ranar awon farko, cikin wata na uku, da kanta ta raka su asibiti. Suka zauna a dogon benci tun hantsi har rana ta take. Ungozomar da ke duba su wata gajeriya ce mai tabarau, mai magana kamar tana sauri ta kama mota. Ta auna tsawonsu, ta ɗora su a sikeli ɗaya bayan ɗaya. Tela kilo casa'in da huɗu. Malama arba'in da shida. Ta danna wasu lambobi a wayarta, ta jawo katunan awo ta yi rubutu da jan biro.

A katin Malama ta rubuta cewa daga nan zuwa haihuwa ana so ta ƙara kilo sha biyu da rabi zuwa sha takwas. A katin Tela ta rubuta biyar zuwa tara.

Inna ta karɓi katunan, ta nisanta su da ido, ta kusanto da su. Ta ce ko dai an yi kuskure. Ungozoma ta ce ba kuskure, kowace mace ana duba nauyin da ta shigo da shi ne, a gwada da tsawonta. Mai matsakaicin jiki ana so ta ƙara sha ɗaya da rabi zuwa sha shida. Wadda ta ɗan haura, bakwai zuwa sha ɗaya da rabi. Mai ƙiba sosai ta riga ta zo da guzurinta, biyar zuwa tara ya ishe ta, in ta zarce tana kusantar ciwon suga na ciki da hawan jini, ɗan kuma ya yi girman da sai an yi aiki. Ramammiya kuwa ba ta da ajiya, in ba ta ƙara da kyau ba ɗan ya zo ƙarami, ko ya zo lokaci bai yi ba. Ta ƙara da cewa a watannin farko ƙarin kaɗan ne, daga wata na huɗu Malama ta riƙa ƙara kusan rabin kilo a mako, Tela kuwa rabin hakan. Su dawo bayan mako huɗu.

"Wato ɗaya ta ci, ɗaya ta sa ido," in ji Inna.

"Ban ce haka ba, Mama. Kowa ta ci, amma ba ma'auni ɗaya ba."

Ba ma'auni ɗaya ba. A gaban Raba-Daidai aka faɗi wannan magana. Ba ta faɗa a gidan mutane, amma tun a mota take ƙuna. Yarinyar da ba ta taɓa ciyar da mutum goma ba ita ce za ta koya mata rabo? Kuma a ce matar babban ɗanta aka rage wa? Gobe dangin Tela su ji, su ce uwar miji ta haɗa baki da asibiti ana horar da 'yarsu da yunwa.

Da yamma ta zauna da katunan da fensir. Ba ta ce ungozoma ba ta san aikinta ba, ita ma ta yarda da ilimi. Abin da ta gani shi ne yarinyar ta iya lissafi, rabo ne ba ta iya ba. Ta ɗauki tsakiyar lambar Malama, sha biyar. Ta ɗauki tsakiyar ta Tela, bakwai. Ta haɗa, ashirin da biyu. To, ai magana ta fito. Kilo ashirin da biyu asibiti ke nema daga gidan nan, kuma gidan nan zai bayar, sha ɗaya sha ɗaya, ba cuta ba cutarwa.

Ta kira 'ya'yanta ta yi musu bayani. Babba ya ce abin da Inna ta gani shi ne daidai, maganar da yake yi tun yana ɗan shekara huɗu. Auta, wanda ya yi karatu har ya gaji, ya duba lissafin ya tabbatar sha biyar da bakwai ashirin da biyu ne, ya koma kan wayarsa.

A shagon Babba akwai babban sikeli na ƙasa, wanda ake ɗora buhuna. Inna ta ce tunda abin da ake yi a asibiti hawa sikeli ne bayan an ɓata wa mutum wuni a benci, ga sikeli a gida, har ya fi nasu girma. Komawa awo sai ta kama. Amma ranar Asabar ta farko da aka zo hawa, Tela ta noƙe, ta ce ita ba za a karanta nauyinta a gaban masu sayen dusa ba. Inna ta ga gaskiyarta. Ta kuma hango wani abu: in ana auna su ɗaya-ɗaya, dole wata ta fi wata, daga nan gori ya shigo, daga gori sai gaba. Sai ta ce su hau tare.

Suka hau tare, suna riƙe da kafaɗun juna suna dariya. Kilo ɗari da arba'in. Inna ta rubuta da alli a bayan ƙofar shago, ta ja layi har ƙasa ta rubuta ɗari da sittin da biyu.

Daga nan ludayi ya kama aiki. Mai ciki baki biyu ce, in ji Inna, saboda haka kowace ludayi biyu-biyu, sau uku a rana. Da safe burodi da soyayyen ƙwai da shayi mai kauri wanda cokali ke nutsewa cikin sukarinsa. Da rana shinkafa ko taliya, mai yana ƙyalli a kai. Da yamma soyayyen dankali da nama, da lemon kwalba ɗaya-ɗaya. Kuloli biyu iri ɗaya ta saya, launi ɗaya, don kada ido ya ga bambanci. Doka ɗaya ce: kula ta dawo a wanke, ba sauran loma.

Kuma suna dawowa a wanke. Wallahi ko sau ɗaya ba a dawo mata da ragowa ba.

Duk Asabar allurar sikeli tana matsawa. Ɗari da arba'in da uku, da biyar, da takwas. Sau biyu aka kira daga asibiti ana tambayar dalilin da ba su dawo ba, Inna ta karɓi wayar ta ce lafiya lau, ana kan hanya, har an ɗan fi ƙarfin jadawali. Maƙwabta suna shigowa ganin allin bayan ƙofa kamar wani abin tarihi.

Wani abin da ya ƙara faranta mata rai shi ne zumuncin da ya shiga tsakanin surukan. Wata rana tana shanya a bayan gida ta ga bokiti yana saukowa da igiya daga tagar Malama, a rufe da tawul, ya tsaya daidai tagar Tela, hannu ya fito ya janye shi. Da ta tambaya Tela ta ce yadi ne Malama ke aiko mata na kayan jarirai, don a rage mata hawa da sauka. Inna ta kusa yin hawaye. A wasu gidajen matan wa da ƙani ko gaisuwa sai da shaida, ita kuwa nata har da bokiti. Sau uku a rana yadin nan ke sauka, ba ta taɓa tambayar kanta jarirai nawa ake wa ɗinki ba.

Ba wai ba ta da ido ba ne. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Tana ganin Tela tana cika ƙofa, tana haki daga kicin zuwa ɗaki, tana shan ruwa kamar an aiko ta. Tana ganin ƙasusuwan wuyan Malama, da yadda take hutawa sau biyu a matakala in ta dawo daga makaranta. Amma Tela ta ɗinka musu dogayen riguna masu faɗi iri ɗaya, kuma duk sanda zuciyar Inna ta ɗan yi rawa sai ta je ta leƙa bayan ƙofa. Mutum yana ƙarya, alli da sikeli ba sa yi. Ta ce wa kanta ai kowa da irin cikinsa, na Malama a baya ya kwanta.

A cikin wata na takwas, wata Asabar, allura ta yi tsalle. Makon da ya wuce ɗari da hamsin da biyar, yau ɗari da hamsin da takwas. Kilo uku a mako ɗaya. Inna ta sa aka yanka kaza.

Ranar Litinin Tela ta shigo kicin riƙe da almakashinta, tana dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta ce Inna ta ga abin mamaki, yatsunta sun ƙi shiga kunnen almakashi. Inna ta kama hannun. Ya yi suntum, zoben ya nutse a cikin nama. Ta ɗaga kai ta dubi fuskar, ita ma ta hau, idanun sun ƙanƙance. Wannan ba ƙibar ludayi ba ce, ta ciyar da mutane da yawa, ta san ƙibar abinci. Ta ce a kira Babba ya rufe shago, a tsaya a makaranta a ɗauko Malama, tunda ba a kai ɗaya asibiti a bar ɗaya.

Ungozomar nan ce dai mai tabarau. Ta karɓi katunan, ta ga layi ɗaya ne a cike tun wata na uku, ta dubi Inna ta saman tabarau. Inna ta yi saurin miƙa mata takardar da ta kwafo lambobin bayan ƙofa, ta ce ba zama aka yi ba, ana awo duk mako, an samu sha takwas cikin ashirin da biyu.

"Na wa?"

"Na su biyun."

Ungozoma ta ajiye biro. Ta ce Tela ta hau sikeli, ita kaɗai. Ɗari da takwas. Ta ce Malama ta hau. Hamsin.

Inna ba ta buƙatar fensir. Sha huɗu da huɗu. Sha takwas ɗinta na nan daram, ba wanda ya taɓa mata shi. Wadda aka ce ta tsaya a tara har haihuwa ta kai sha huɗu da sauran fiye da wata guda, wadda aka ce kada ta gaza sha biyu da rabi tana huɗu. Ta buɗe baki ta ce amma ludayi ɗaya take zuba musu, kuma kula ba ta taɓa dawowa da abinci ba.

Sai Malama ta fashe da kuka. Cikin kukan maganar ta fito gutsi-gutsi. Tun farko ƙanshin mai ke tayar mata da zuciya, in ta ga kular nan cike sai cikinta ya rufe, loma uku take iyawa. Ta kasa dawo wa Inna da abinci, ta kasa zubarwa. Ga wata abokiyar aikinta ta ce mata ƙaramin ɗa ya fi sauƙin haihuwa, sai ta samu abin da za ta riƙa lallashin kanta da shi. Tela kuma, baiwar Allah, ta ce ta miƙo, ita za ta rufa mata asiri. Wata biyar Tela tana cin kula biyu, rabi don tausayi, rabi kuma, ta faɗa da bakinta, don girkin Inna ba abin yarwa ba ne.

Inna ta tuna bokiti da tawul, ta tuna hawayen da ta kusa yi. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa.

Ungozoma ba ta da lokacin kunyar kowa. Ta ɗaura wa Tela abin awon jini a damtse, ya nuna ɗari da hamsin bisa ɗari. Aka gwada fitsari, aka ga abin da ba a so. Aka ɗebi jini, suga ya hau. Ta ce tsallen kilo ukun da aka yanka wa kaza ruwa ne ya taru a jiki, alamar hawan jinin ciki, kuma da ana zuwa awo da tuni an kama shi, don awo ba sikeli kaɗai ba ne. Ta ce ba za ta rantse ƙarin nauyin ne kaɗai ya jawo ba, amma shi ya tura Tela bakin ramin. Sannan ta kwantar da Malama ta ja tef a kan cikinta, ta sake ja, ta tura ta hoto. Hoto ya ce ɗan yana raye, yana motsi, amma ya yi ƙanƙanta da watanninsa.

Inna ta gyara zama, ta nemi hanyar gyara irin tata. Ta ce to a tsayar wa Tela da abinci har kilo biyar ɗin nan su sauka, Malama kuma a ninka mata.

"Mama, ba buhu ba ne da za a ɗiba a nan a zuba a can," in ji ungozoma. "Mai ciki ba ta rage ƙiba. Za ta ci, amma ba lemo, ba shayin sukari, a rage soye-soye da tulin shinkafa, a ƙara ganye da wake. Wannan siririyar kuma kaɗan-kaɗan, sau shida a rana, abin da ranta ya karɓa: ƙwai, madara, gyaɗa, kifi. Ƙarin da ɗan ciki ke nema a rana bai wuce kofin madara da ayaba da yankan burodi ba. Wa ya ce miki kula guda ce?"

Ba wanda ya ce mata. Ita ta ce wa kanta.

Aka kwantar da Tela a ranar. Malama aka sallame ta da magunguna da umarnin dawowa duk mako, aka ce ta ajiye allin koyarwa ta huta. Mako huɗu Inna ta yi tana girki biyu, abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta, tana zuba wa wannan abin da ba ta zuba wa waccan ba. Malama ta ƙara kilo ɗaya da rabi. Inna ta so ta yi murna, amma ta san wata biyar ba ya dawowa cikin mako huɗu.

Da cikin Tela ya cika mako talatin da bakwai likita ya ce ba za a ƙara jira ba, jinin yana neman ƙin magani, ɗan kuma ya yi girma. Aka yi mata aiki ranar Talata da safe. Namiji, kilo huɗu da ɗigo biyu, kumatu kamar an hura. Dangi suka cika baranda ana ta masha Allah, ana cewa wannan ai ɗan Raba-Daidai ne, ba su san ana tsaga diddigensa ana duba suga duk bayan 'yan awoyi ba, uwar kuma ko juyi ba ta iyawa.

Ranar Alhamis da hantsi naƙuda ta kama Malama, saura mako biyar lokacinta ya cika. Kafin azahar ta sauka. Mace. Ba a miƙo ta baranda ba, wata nas ce ta wuce da ita a naɗe, da sauri, zuwa ɗakin da ake sa jarirai a kwalba.

Sai da la'asar aka bar Inna ta shiga, bayan ta wanke hannu har gwiwa. Ta tsaya a kan akwatin gilashin. Jikarta tana ciki, da siririn tiyo a hanci, haƙarƙarinta yana hawa yana sauka da sauri, damtsenta bai kai kaurin mariƙin ludayi ba. A jikin gilashin an manna takarda: kilo ɗaya da ɗigo takwas.

Ba da niyya ta yi ba, kan ne ya saba. Huɗu da biyu, ɗaya da takwas, shida. A raba biyu, uku-uku. Nauyin da kowace uwa ke roƙo. Lissafinta ya fita cif, har a nan ɗin ma ba a cuci kowa ba.

Ta dafa gilashin ta yi kuka, irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar mijinta. Nas ɗin ta ce ta kwantar da hankalinta, yarinyar tana numfashi da kanta, in ta kama nono ta fara hawa za a ba su ita, sai dai za a ɗau kwanaki. Inna ta tambaya nawa ake ba ta. Nas ta ɗaga sirinji ta nuna mata ɗan nonon da aka tatso, bai kai cikin cokali biyu ba, ta ce wannan ne nata duk bayan awa uku, an auna shi da nauyinta.

Inna ta share fuska ta koma ɗakin masu jego. Gadajen surukan nata suna kusa da juna. Malama ta jawo kular da aka kawo mata da rana, ta riƙe ta da hannu biyu, ta kasa haɗa ido.

"Inna, ban cinye ba."

Inna ta buɗe ta duba. Saura rabi. Ta mayar da murfin, ta ajiye kular a kan cinyarta, ta dafe da hannu.

"Bar shi a nan, 'yar nan," ta ce. "Faɗa mini abin da kike iya ci."